Taron Mako-Mako da Canjin Agogo: Agogon Wa Za a Bi?

Ga taro ana yinsa kowace Talata, ƙarfe 3 na rana a Landan, wato ƙarfe 10 na safe a New York. An fara ranar 3 ga Maris, 2026, kowa ya shigo a kan lokaci. Talatar da ta biyo baya, mutanen New York suka zauna ƙarfe 10, shiru, ba kowa. Sai ƙarfe 11 'yan Landan suka bayyana, kuma su a wajensu ba su makara ko da minti ɗaya ba.

Abin da ya faru shi ne, ƙasashen biyu suna tura agogo gaba da awa ɗaya idan sanyi ya wuce, amma ba rana ɗaya suke yi ba. Amurka tana turawa a Lahadi ta biyu ta watan Maris, wadda a 2026 ta faɗo 8 ga wata. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe ta Maris, 29 ga wata. A makonni ukun da ke tsakani, tazarar garuruwan biyu awa 4 ce, ba awa 5 da aka saba ba. Saboda haka Talatar 10 da 17 da 24 ga Maris, babu dabarar da za ta sa ƙarfe 3 na Landan ya zama ƙarfe 10 na New York. Dole wani ya gusa.

Wa zai gusa? Wannan ku za ku yanke, kuma tun wajen ƙirƙirar taron. Kalanda tana ɗaure taro mai maimaituwa ne da yankin lokaci guda ɗaya. Idan kun ɗaure shi da Landan, ƙarfe 3 yana nan daram duk shekara, New York ce za ta koma ƙarfe 11 na makonni ukun, sannan ta dawo 10 ranar 31 ga Maris. Idan da New York kuka ɗaure, 'yan Landan ne za su shiga ƙarfe 2 a waɗannan makonnin. Ni dai shawarata, a ɗaure shi da garin da lokacinsu ya fi matsewa, misali waɗanda taron ya kusa taɓa lokacin tashinsu daga aiki, ba garin shugaba ba.

Haka taron yake a cikin fayil ɗin gayyata idan an yi shi daidai:

```
DTSTART;TZID=Europe/London:20260303T150000
RRULE:FREQ=WEEKLY;BYDAY=TU
```

Layin farko yana cewa ƙarfe 3 a agogon Landan, ko me agogon Landan yake nunawa a ranar. Yanzu ga wanda ke jawo matsala:

```
DTSTART:20260303T150000Z
```

Wannan harafin Z na ƙarshe yana nufin UTC, agogon da ba ya motsi rani da damina. Mutane da yawa suna ganin shi ne mafi aminci tunda ba ya canjawa, alhali a taron mako-mako shi ne ya fi ɓarna. A farkon Maris komai zai yi daidai. Daga 10 ga wata New York ta koma ƙarfe 11, daga 31 ga wata Landan ta koma ƙarfe 4, kuma haka za a zauna har ƙarshen Oktoba. Kowa ya rasa lokacinsa ke nan.

Akwai wani tarko a jerin zaɓin yankin lokaci na Windows. Za ku ga layi biyu duk sun fara da (UTC+00:00). Ɗaya yana ɗauke da Dublin, Edinburgh, Lisbon, London, ɗayan Monrovia, Reykjavik. Lambarsu ɗaya a lokacin sanyi, amma na biyun ba ya tura agogo ko kaɗan. Sunan gari za ku bi, kada ku bi lamba. Haka ma a saƙon gayyata, ku rubuta “ƙarfe 3 agogon Landan”, kada ku rubuta “ƙarfe 3 GMT”, domin GMT sunan agogon Landan na lokacin sanyi ne kawai.

Idan akwai mahalarci a garin da ba a canja agogo, kamar Dubai, shi kam sai ya yi haƙuri. Taron da aka ɗaure da Landan zai same shi ƙarfe 7 na dare a farkon Maris, ya dawo ƙarfe 6 daga 31 ga wata har watanni bakwai. Ku gaya masa tun da wuri.

Kafin ku aika gayyatar, ku kunna yankin lokaci na biyu a kalanda, ku leƙa 10 da 31 ga Maris. Sannan ku tsallaka zuwa 27 ga Oktoba: Landan ta mayar da agogonta baya ranar 25, New York sai 1 ga Nuwamba, don haka wannan Talatar ma ƙarfe 11 za ta kama a New York.