Amsoshin Tambayoyinku: Ajin Nauyi da Lissafin Maki a Damben Boksin

Tambaya daga wani mai sauraronmu a Garwa ta Kamaru: "Francis Ngannou ya kai Tyson Fury ƙasa kowa yana gani, amma aka ce Fury ne ya ci. Ta yaya? Sannan me ya sa ake auna 'yan dambe a sikeli?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Wanda ya saba da damben gargajiya dole abin ya ɗaure masa kai, domin a can da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. A boksin kuwa, idan wanda ya faɗi ya miƙe kafin rafali ya ƙirga goma, kuma yana cikin hayyacinsa, dambe zai ci gaba. Maki kawai ya rasa.

Alƙalai uku ne ke zaune a gefen dandali, kowa a ɓangarensa, ba sa shawara da juna. Kowane turmi minti 3 ne, da hutun minti 1, kuma da an kaɗa ƙararrawa kowane alƙali zai rubuta makin wannan turmin a miƙa. Wanda ya fi taka rawa ya samu 10, ɗayan ya samu 9. Idan an kai mutum ƙasa sau ɗaya, yawanci 10 da 8 ake rubutawa, sau biyu kuma 10 da 7. Rafali na iya sa a cire maki ɗaya saboda laifi, kamar naushi ƙasa da ɗamara ko karo da kai.

Abin da alƙali ya fi dubawa shi ne naushin da ya sauka sosai a fuska ko a gangar jiki. Wanda ya faɗa kan safar hannu ko damtse ba ya shiga lissafi, komai ƙararsa, kuma nan ne 'yan kallo suka fi ruɗewa. Bayan haka sai ya duba wanda ke kai farmaki mai amfani, da wanda ke juya wasan yadda yake so, da iya kare kai.

Mu koma wasan da ka ambata. A Riyad aka yi shi a watan Oktoba na 2023, turmi 10, kuma a turmi na 3 Fury ya faɗi. Wani alƙali ya rubuta 95 da 94, nasarar Fury. Ga yadda ake karanta wannan: turmi 6 Fury ya ci, maki 60 ke nan. Ya rasa turmi 3 da maki tara-tara, 27, sai turmin faɗuwa da ya samu 8. Jimilla 95. Ngannou ya ci turmi 4, maki 40, ya samu tara-tara a sauran 6, wato 54, jimilla 94. Ka ga faɗuwar nan asarar ƙarin maki ɗaya tak ta janyo wa Fury. Alƙali na biyu ya ba Fury 96 da 93, na uku ya ba Ngannou 95 da 94, sai aka bi rinjayen biyu. A ganinmu gardama ta halatta a kan turamen da suka yi kankankan, amma lissafin kansa a bisa ƙa'ida yake.

Batun sikeli kuma, kare rai ne ya kawo shi, domin naushin mai kilo 90 ba na jikin mai kilo 60 ba ne. An saba lissafa aji 17 a damben maza na ƙwararru. Mafi ƙanƙanta iyakarsa kilo 47.6. Ajin feda, inda Hogan Bassey na Nijeriya ya zama zakaran duniya a 1957, kilo 57.2 ne. Ajin midil, wanda Dick Tiger ya ci kambunsa a 1962, kilo 72.6. Duk wanda ya haura kilo 90.7 ya shiga ajin masu nauyi, kuma can babu iyaka: a 2009 David Haye ya doke Nikolai Valuev wanda ya fi shi da kusan kilo 45.

Yawanci ana gobe wasa ake yin awo, kuma a nan matsalar take. Ɗan dambe kan matse ruwan jikinsa ta hanyar gumi da ƙin shan ruwa don ya shiga ajin da ke ƙasa da nauyinsa na gaskiya, bayan awo ya ci ya sha ya maido da kilo da yawa. Wanda ya wuce gona da iri za ka gan shi a kan sikeli ido ya zurma, kumatu sun faɗa, washegari kuma ƙafafunsa su saki tun a tsakiyar wasa. Shi ya sa IBF, ɗaya daga cikin hukumomin damben duniya, kan sake awo da safiyar wasan kambu, ba ta yarda a haura iyaka da fiye da kilo 4.5. Zakaran da ya kasa sauka zuwa nauyin ajinsa kuwa, a kan sikelin yake rasa kambunsa, ko da ya ci wasan washegari.