Darasi: Sayen Kuɗin Kirifto na Naira Dubu Ashirin a Karon Farko

Masu sauraro, assalamu alaikum. Na ɗauka kowa yana da wayarsa da asusun banki da lambobin BVN da NIN, saboda haka ba zan tsaya a kan yadda ake sauke manhaja ba. Abin da nake so ku fara dubawa shi ne ko hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari a Nijeriya, ta san da dandalin cinikin kirifton da za ku shiga. A watan Agustan 2024 ta ba dandalolin Busha da Quidax amincewar farko, kuma ana iya duba sunayen a shafinta. Duk wanda ya ce zai ninka muku kuɗi a cikin wata guda, ku tuna da yadda CBEX, wani dandali mai irin wannan alƙawari, ta rufe da dukiyar jama'a a watan Afrilun 2025.

Bayan an tantance ku, kada ku tura ko kwabo sai kun kunna makulli na biyu, wato lambar tsaro da ake nema bayan kalmar sirri, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ku shiga sashen Security a manhajar dandalin, sannan ku zaɓi Google Authenticator, manhajar da ke fitar da wannan lambar. Ni na fi son sa a kan saƙon tes, domin ɓarawo yana iya karɓe layin mutum ya riƙa samun saƙonninsa. Za a nuna muku wasu dogayen haruffa haɗe da lambobi. Ku rubuta su da biro a takarda ku adana, kada ku ɗauki hotonsu, domin idan wayar ta ɓace da su za ku dawo da makullin, in kuwa babu su sai kun jira ma'aikatan dandalin sun sake tantance ku.

Yanzu sai a tura naira 20,000 daga asusun bankin da ke ɗauke da sunanku, domin kuɗin da ya fito daga asusun wani, ko da ɗan'uwa ne, ana iya riƙe shi. USDT za mu saya, kuɗin kirifto da darajarsa ke bin dalar Amurka. Mu ƙaddara cewa ana sayar da USDT ɗaya a kan naira 1,500, wato za ku samu kimanin 13.33. Kafin ku danna Buy, ku leƙa farashin Sell. Idan ya nuna 1,480, to da za ku sayar nan take naira 19,733 za ku karɓa, kuma wannan giɓin na kusan naira 267 shi ne ladan da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba.

Da zarar cinikin ya faɗa, ku sayar da na naira 5,000 ku tura shi bankinku a ranar. Idan ya shigo, kun tabbatar hanyar fita tana aiki. Idan kuma aka ce sai kun fara biyan wani kuɗi daban kafin a sakar muku naku, wannan alamar damfara ce, kada ku ƙara tura komai.