Rabon kuɗin hidimar gida tsakanin miji da mata: darasi da rasit a hannu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Yau darasin namu na lissafi ne, don haka duk wanda ke kusa da biro da takarda ya jawo su. Maganar ita ce gidan da miji da mata kowa yana samu, amma samun ba ɗaya ba, kuma sun yarda su haɗa hannu a hidimar gida. Nawa ne kowa zai ɗauka?

Kafin in taɓa lissafi, bari in ajiye wata magana a gefe, don na san akwai wanda ya riga ya ɗaga gira. A Musulunci ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji, kuma dukiyar mace tata ce. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Wannan darasi bai zo ya sauke wa kowa nauyinsa ba. Amma ku da ni mun san gidaje da yawa inda albashin malamar makaranta ko ribar mai sayar da zoɓo ke shiga tukunya kullum, ba tare da an taɓa zama an ce ga iyakar abin ba. Ita tana ganin ta ƙarar da kuɗinta a gida, shi yana ganin komai shi ke yi. Kuma sau da yawa babu mai ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya fita daga aljihunsa kawai yake tunawa. Shi ya sa nake cewa a bar dogara da tunani, a koma ga rasit.

To, aikin farko tarawa ne, kuma na wata uku. Wata ɗaya yana yaudara: ko a dace da watan da ba a cika gas ba, ko watan da yaro ya kwanta ciwo. A samu leda ko ambulan a riƙa jefa duk takardar da ta shigo. Rasit ɗin haya, takardar kuɗin makaranta, rasit ɗin kemis, saƙon da ke shigowa waya idan an sayi katin mita, a Kano ne ko Katsina ko Jigawa na KEDCO ke nan, da kuma saƙonnin banki na duk abin da aka tura. Abin da ba shi da rasit, irin cefane da kuɗin mai ruwa da niƙa, shi ne ke ɓacewa, kuma shi ne ke haddasa gardama. A ajiye ƙaramin littafi a kicin, duk wanda ya kashe ya rubuta a ranar, da adadi da sunansa. A ranar fa, ba ƙarshen mako ba.

Yanzu mu ɗauki misali. Waɗannan alƙaluma na koyarwa ne, ku sa naku a madadinsu.

Maigida ma'aikaci ne. Abin da za mu rubuta shi ne abin da ke shiga asusunsa bayan an cire haraji da kashi 8 cikin 100 na fansho, ba abin da ke saman takardar albashi ba. Mu ce naira 280,000. Uwargida tana koyarwa, albashinta 85,000, tana kuma yin zoɓo da kunun aya. A nan ake yawan zaluntar mata ba a sani ba, domin sai a ɗauki cinikin da take yi a ce shi ne samunta. A'a. Sai an cire kuɗin sukari da aya da robobi da ƙanƙara da ladan yaron da ke kaiwa shago, abin da ya rage shi ne riba. Kuma tun da sana'ar sanyi tana tashi da zafi tana faɗuwa da hunturu, sai a haɗa watanni a raba. Mu ce ribar ta tsaya a 35,000 a wata. Samunta ya zama 120,000.

A haɗa 280,000 da 120,000, an samu 400,000. A raba na maigida da wannan jimillar, ya ba da kashi 70 cikin 100. Na uwargida kashi 30. Ku ja layi a ƙarƙashin waɗannan biyun.

Sai mu buɗe ledar rasit. Haya naira 600,000 ce a shekara, a raba gida 12, ta zama 50,000 a wata. Yara biyu, kuɗin makarantarsu 90,000 kowane zango, zango uku 270,000, a raba da 12, ya zama 22,500. Ku lura ban raba da uku ba, domin so muke mu san nauyin kowane wata, har da watannin hutu. Tukunyar gas mai kilo 12.5 an cika ta a kan 15,000, kuma littafi ya nuna tana kai wata ɗaya da rabi, ke nan 10,000 a wata. Mai ruwa yana kawo kura takwas a wata, kowace 1,500, ya kama 12,000. Magani da asibiti, da aka haɗa wata ukun aka raba, 8,500. Abinci, daga shinkafa da masara da mai har cefanen yau da kullum, 130,000.

Na bar wuta a ƙarshe da gangan, don a nan darasi yake. Katin mita na wata uku ya nuna 14,000, da 15,000, da 22,000. Jimilla 51,000, a raba uku, 17,000. Amma akwai firizar zoɓo a kan wannan mitar. Wutar da take sha ba hidimar gida ba ce, kuɗin sana'a ne. Yaya za a gane? A duba tsofaffin saƙonni kafin a sayi firizar, idan farashin wuta bai canja ba tun lokacin. In ya canja, a karanta mita da safe, a sake karantawa washegari da firizar a kunne, sannan a maimaita a ranar da aka kashe ta, a ga bambancin yunit. A misalinmu ta sha na 5,000. Wannan sana'a ce za ta biya, kuma ya kamata a riga an cire shi kafin a ce ribarta 35,000. Wutar gida ta koma 12,000. Haka ma maigida, man da yake zuba wa mota don zuwa ɗaurin auren abokai ba na gida ba ne, amma wanda ake kai yara makaranta da shi na gida ne.

Mu haɗa: 50,000, da 22,500, da 10,000, da 12,000, da 8,500, da 130,000, da 12,000. Jimilla naira 245,000 a wata.

Wani zai ce a raba biyu kowa ya huta. Mu gwada. Rabi shi ne 122,500. Uwargida gaba ɗaya samunta 120,000 ne. Ta ba da duk abin da ta mallaka, ana kuma binta 2,500, alhali maigida ya rage da 157,500. Ina jin ba sai na ƙara bayani ba.

Idan aka bi kashi 70 da 30 kuwa, maigida ya ɗauki 171,500, ya rage da 108,500. Uwargida ta ɗauki 73,500, ta rage da 46,500. Kowannensu ya ba da wajen kashi 61 na samunsa, nauyin ya zauna daidai ƙarfin kowa. Ta fuskar lissafi wannan adalci ne.

Amma ni a ganina wannan 73,500 iyaka ce ta sama, ba mafari ba. Dalilina biyu. Na farko shi ne wajibin da muka ambata. Na biyu, akwai aikin da babu rasit ɗinsa a ledar nan: girki, wanki, raino, tashin dare da yaro mai zazzaɓi. Idan mace ce ke yin duk wannan bayan ta dawo daga aiki, sannan a ce ta biya cikakken kasonta na kuɗi, to ta biya sau biyu. Don haka ga hanyar da na fi so ma'aurata su fara da ita. Maigida ya ɗauki haya da abinci gaba ɗaya, 180,000 ke nan. Ragowar 65,000 ita za a raba 70 da 30, in uwargida ta amince. Shi 45,500, ita 19,500. Nasa duka ya zama 225,500, ya rage da 54,500. Ita ta rage da 100,500.

Na san wani maigidan zai ce, Hajiya, 54,500 ɗin nan a ciki zan yi kuɗin mota, in aika wa tsohuwa a ƙauye, in yi zumunci. Gaskiya ne, kuma amfanin takardar ke nan. Yanzu matarka tana gani da idonta inda abin ya matse. Tsakanin 19,500 da 73,500 akwai fili, sai ku biyu ku tsaya inda za ku iya. Idan ta ce ta ɗauki kuɗin makarantar yara, ta kai 42,000 ko kusa da haka, Allah ya saka mata. Sai dai a faɗi sunan abin tun a ranar: gudummawa ce ko rance? In rance ne a rubuta, da adadi da lokacin biya. Yawancin rigimar da ake kaiwa gaban iyaye daga nan take, ita ta bayar a matsayin bashi, shi ya karɓa a matsayin kyauta.

Mai mata biyu, a taƙaice: kowane ɗaki da takardarsa, kuma kada hidimar wancan ɗakin ta shiga jimillar da wannan za ta taya ka. Samunka ma da za ka rubuta a takardarta shi ne kason da ya faɗo wa ɗakinta.

Wajen biya, ya fi sauƙi kowa ya riƙe wasu takardu da sunansa maimakon a riƙa miƙa wa juna kuɗi. Mai kason 19,500 sai ta riƙe gas da magani, 18,500 ke nan, dubu ɗayan ba abin tsayawa ba ce. Haya da kuɗin makaranta kuma, 72,500 ɗin nan a fitar da su ranar da albashi ya shigo, a sa a asusu na daban ko adashin da kwasarsa ta dace da lokacin biya. In ba haka ba, takarda za ta nuna komai lafiya, sai mai gida ya aiko a rasa abin ba shi, a ƙare da sayar da ɗan kunnen uwargida.

Za ku gane lissafin ya tsufa idan kuɗin cefane ya fara ƙarewa kafin 20 ga wata, ko ɗayanku ya fara cikawa daga aljihunsa bai rubuta ba. Kada a jira haka. Duk wata uku a zauna da sababbin rasit, haka kuma duk lokacin da albashi ya canja, ko aka samu ƙaruwa, ko sana'a ta tsaya. In uwargida ta haihu ta ajiye zoɓo, samunta ya koma 85,000, jimilla 365,000, kasonta ya sauko zuwa kashi 23. Azumi da Sallah kuwa kada a cusa su cikin lissafin wata-wata, a buɗe musu shafinsu daban, a duba abin da aka kashe bara a fara tarawa tun da wuri.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.