Alat ɗaya, oda ɗaya: hirar rufe lissafin dare

Malam: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga Birnin Kebbi. Yau muna tare da Hajiya mai saida shinkafar Argungu ta WhatsApp, ga kuma Auta da ke riƙe mata littafi. Hajiya, dare ya yi, oda na buɗe, alat sun taru, ta ina kuke farawa?

Hajiya: Wa alaikumus salam Malam. Mu dai ba ma kallon tes ɗin da ya shigo waya sam, don tes kowa na iya haɗa shi ya turo, shi ma sikirinshot na risit hakanan. Manhajar muke buɗewa, OPay ce ko Moniepoint ko PalmPay, mu shiga tarihin kuɗin da suka shigo ranar, abin da ke nan shi ne kuɗi, saura duk labari ne.

Auta: Kuma matsalar ba ta jabun alat ba ce kaɗai Malam, ta kuɗi iri ɗaya ta fi cin rai. Misali oda uku kowace 18,500, ɗaya ta wata mata a Jega, ɗaya Badariya, ɗaya Gesse. Ka buɗe manhaja ka ga 18,500 sau biyu sai wata 18,400, kuma duka ukun babu sunan da ya yi daidai da na littafi.

Malam: To fa. Mi ya kawo haka?

Hajiya: Ai mata da yawa da akawun ɗin maigida suke biya, ko na ɗansu, wasu kuma su aiki yaro wurin mai POS, to sunan shagon mai POS ɗin ne zai fito. Ita 18,400 ɗin nan da na gan ta zargina na kan POS, yaro ya miƙa 18,500 cif mai POS ya zare cajinsa na naira ɗari a ciki ya turo saura.

Malam: To ba sai a raba kawai ba, tunda kuɗin uku ne oda ma uku?

Auta: A'a Malam, nan ake shiga uku. Wa ya ce ukun nan su suka biya? Wataƙila ɗaya bashin shekaranjiya ce wani ya turo bai faɗa ba, ita ta Gesse ko sisi ba ta tura ba tukuna, kai kuma ka ba ɗan acaba buhu ya kai mata. Abin da nake yi, kowace sai ta turo risit, in duba lokaci har minti, sannan in duba Session ID. In daga wani banki aka turo, lamba ce mai tsawo guda 30, shidan farko na bankin mai turawa ne, goma sha biyun da ke biye kwanan wata ne da lokaci har sakan, kamar 250314 a ce 14 ga Maris 2025 kenan. Ni shidan ƙarshe kawai nake kwafewa gefen odar, in sun yi daidai da na manhaja na rufe ta.

Hajiya: Faɗa masu amfanin kwafewar, Auta.

Auta: Saboda risit ɗaya ana iya turo shi sau biyu, Hajiya. Risit na gaske ne, kuɗin sun shigo, amma na wancan makon ne, ko ƙawa ta tura wa ƙawa. Da na zo rubuta lambar sai in tarar tana nan kan wata oda, shikenan magana ta ƙare. Duk alat ɗin da aka ɗaura wa oda ya mutu, ba ya sake biyan wata.

Malam: In kuma manhaja ɗaya kuke da mai turawa fa?

Auta: Sai ka bi lambar da ke jikin risit ɗin, Transaction No. ko dai yadda suka rubuta ta, aiki ɗaya take yi.

Malam: Ita 18,400 ɗin, a rufe ko a bari?

Hajiya: In risit ya nuna ta Jega ce, a rubuta an biya 18,400 saura ɗari. Ko zan yafe, sai an rubuta na yafe, in ba haka ba ƙarshen wata ka ga lissafi ya ƙi haɗuwa ka rasa ina ɗari-ɗarin nan suka shige. Wanda kuma ba mu gano mai shi ba yana da shafinsa daban a bayan littafi, kuɗi da lokaci da sunan da ya fito, ya zauna nan har mai shi ya zo da risit. Ni ba na tilasta alat kan oda don dai in kwanta da wuri.

Malam: Wanda ya ce ya tura, an cire mishi, ku kuma ba ku gani ba?

Hajiya: Oda na nan buɗe, kaya ba su fita. Netwok kan riƙe kuɗi, ko su iso daga baya ko su koma ma mai su. Mu tara na dare muke rufewa, abin da ya shigo bayan tara shafin gobe zai hau, ko da odar ta yau ce.

Auta: Yanzu ma wata dabara muka fara, lambar oda muke ƙarawa kan kuɗin, oda ta bakwai ta biya 18,507, ta takwas 18,508, da ka ga alat ka san mai shi.

Malam: Masu POS na yarda da wanga ɗigon kuwa?

Hajiya: Wasu na bugawa yadda aka faɗa, wasu su ce ba su da canji su tura 18,500, su dai sai mun koma kan risit.