Yadda ake tsara gajeriyar waƙar tallar buɗe shago

Waƙar tallar buɗe ɗan shagon unguwa aikinta ɗaya ne: mai wucewa ya ji sunan shagon, sunan ya zauna masa a baki. Duk kalmar da ba ta taimaka wa wannan ba, cire ta.

Mu fara da lissafin lokaci, don shi ke yanke yawan maganar da za ta shiga. A ce kiɗanka yana bugu 120 a minti ɗaya, wato bugu biyu a kowace daƙiƙa. Waƙar daƙiƙa 16 tana da bugu 32 ke nan. Raba su huɗu, ka samu ɗango huɗu, kowanne da bugu takwas. Ni shawarata, ka sa gaɓa bakwai a kowane ɗango, ka bar bugu na takwas mawaƙi ya ja numfashi.

To saurari abin da yawancin masu shago ke fara rubutawa: "Muna farin cikin sanar da jama'a cewa mun buɗe sabon shago." Ƙirga da yatsa, gaɓa 21. Ɗango uku sun tafi, har yanzu ba a ji sunan shagon ba. Wannan sanarwa ce, mai shela ya dace da ita.

Bari mu ƙirƙiro shago don gwaji, mu ce sunansa Haske. Suna ne zai buɗe waƙar:

Shagon Haske ya buɗe.

Sha, gon, has, ke, ya, bu, ɗe. Bakwai cif. Tunda ɗangon ya ƙare da wasalin "e", mun samu amsa-amonmu, sauran ukun ma da shi za su sauka.

Ɗango na biyu ya faɗi inda shagon yake, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Wani zai rubuta "Kusa da gida yake." Gaɓa bakwai ne, amsa-amo ya yi, amma gidan wa? Wanda ya ji bai san inda zai dosa ba. Ga kuma matsala ta biyu, wadda ƙirge kaɗai ba ya nuna ta. Tafa hannu ka rera: ku, sa, da, gi. Gaɓoɓi huɗu marasa nauyi a jere, sai harshe ya yi gudu ya riga kiɗa isa ƙarshe, alhali ɗangon farko kusan duk gaɓoɓinsa masu nauyi ne. Mawaƙi zai dinga jan wasali inda ba a ja, kalma ta fito a karkace. Sai mu nemo alamar da kowa a layin ya sani, mu kuma sa gaɓa mai nauyi a farko:

Daura da famfo yake.

Na uku na kaya ne. Mai shago zai so a lissafa duk abin da ke kan kanta, kada ka yarda. Abu uku sun isa, irin waɗanda ake aiken yaro ya sayo da gaggawa:

Sabulu, batir, zare.

Na sa zare a ƙarshe ne saboda amsa-amo. Na huɗu kuma ya dawo da sunan, ya haɗa da gayyata. Ga ta gaba ɗaya:

Shagon Haske ya buɗe,
Daura da famfo yake,
Sabulu, batir, zare,
Ku zo Haske, ku more.

Ka lura ban sa ranar buɗewa a ciki ba. Da gangan ne. Idan ka rera "ranar Asabar", ran Lahadi waƙar ta mutu. Rana da lokaci a faɗe su da baki bayan an gama rerawa, a naɗe su daban yadda za a iya yanke su. Haka ma alkawarin rahusa ko kyauta, don abin da ka rera mutane za su riƙe ka da shi. Bayan an ci makon buɗewa, ɗangon farko kawai za ka sauya: "Shagon Haske namu ne." Gaɓa bakwai, amsa-amo yana nan.

Saura gwaji. Naɗi waƙar, ka kunna ta a sifikar waya, ka ja baya taku goma. Idan kiɗa ya danne sunan, rage kiɗan a daidai wurin. Sannan ka samu yaro da bai taɓa jin ta ba, ka kunna masa sau biyu, ka bar shi ya tafi wasa. Can an jima ka ce ya rera maka. Ɗangon da ya tsallake ko ya sauya masa kalma, shi ne mai matsala, shi za ka koma ka gyara. Idan kuwa ya riƙe karin ya manta sunan shagon, to ka maimaita ɗangon farko a ƙarshe ya zama amshi, waƙar ta koma daƙiƙa 20.