Hirar Fada: Kafin ka hau kar zuwa Yamai neman fasfo, ka san ofishin da takardarka take

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Tawa. Ni ce Hadiza, ga Malam Isuhu ga kuma Mamman. Yau zancen fasfo za mu yi, don mutane na ta tambaya wai ina ne ofishin, kuma ko mutumin Tawa dole sai ya tahi Yamai. Malam Isuhu kai ka daɗe kana raka mutane hidimar takardu, mi za ka ce?

Isuhu: Wa alaikumus salam. To ƙanwata, abin da mutane ba su gane ba shi ne fasfo ba a ofishi guda ake gama shi ba. Shi kanshi fasfon a Nijar hannun ƴan sanda yake, wani sashe da ake ce ma DST, cibiyarsu tana Yamai. Amma kafin ka isa gabansu akwai takardun da za ka riƙa, takardar haihuwa, nasiyonalite, katin ɗan ƙasa, kuma kowace da gidan da ke ba da ita. Wata ana bin inda anka haife ka, wata ana bin inda kake zaune yanzu. Nan ne mutane ke faɗuwa.

Mamman: Wallahi yaya haka anka yi da ƙanena. A Madawa anka haife shi, ya yi karatu nan Tawa, yanzu yana ɗinki a Yamai can Harobanda. Ya tashi neman fasfo za shi Umra, sai ya ga takardar haihuwarshi ta yage har lambar ba ta karantuwa, shi kuma a tunaninshi tunda yana babban birni kowace meri ya shiga za a fiddo mishi sabuwa.

Hadiza: Ayya. To ya anka ƙare?

Mamman: Kwana biyu yana yawo, ya rufe shago, kowa ya tambaya sai a ce mishi ba nan ba ne, kuma gaskiya sunka faɗa mishi, shi ne bai san tsarin ba. Daga baya wani dattijo ya karɓi yagaggiyar takardar ya nuna mishi samanta ya ce ɗana karanta nan, ai ga sunan wurin da anka rubuta ta.

Isuhu: Yauwa, dattijon nan ya san aiki. Duk takardar haihuwa in ka duba samanta za ka ga jiha, da gunduma, da kwamin ɗin da anka yi rajista, ga lamba ga shekara. Babban littahin da anka rubuta sunanka yana can a waccan meri, ba ya bin ka in ka yi ƙaura. To kofi sabo can za a nema. Ba lallai ka tahi da ƙafarka ba ma, sau da yawa ɗan'uwa da ke garin kan je da lambar da shekarar ya tambaya, in an yarda ya karɓo ya aiko maka ta kar.

Hadiza: To wanda ba a taɓa yi ma takardar haihuwa ba fa? Don a ƙauyukanmu suna da yawa.

Isuhu: Shi kam meri ba za ta fara ba, sai ya bi ta kotu da shaidu a yi mishi abin da ake kira jujuma, takardar alƙali da ke tsayawa a madadin ta haihuwa. Kuma kotun da ke riƙe da garin da anka haife shi ita ce mai hurumi. Ɗan Bouza ko ɗan Keita ko ɗan Illela kada ya ce bari in je Yamai a yi mini gaba ɗaya, komowa gida zai yi. Haka ma kaziye, takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa hukunta mutum, in wani dosiye ya buƙace shi, kotun wurin haihuwa ake dosa.

Mamman: Nasiyonalite fa yaya? Ita ce ta fi rikita mutane.

Isuhu: Ita ma kotu ke ba da ita, ba meri ba, ba komisariya ba. Za a nemi takardar haihuwarka da ta mahaihi ko mahaihiya don a ga asalin. Shawarata ka shiga kotun da ta fi kusa da kai ka nemi ofishin girefiye, wato magatakardan kotu, ka gaya mishi abu biyu kawai: ga inda anka haife ni, ga inda nike zaune, nan zan yi ko wani wuri? Minti biyar ya ishe ka jin amsa. Katin ɗan ƙasa kuma komisariyar da ke kula da inda kake zaune ake zuwa. To a gari babba sai an lura, Yamai kwamin 5 gare ta, Tawa 2, kuma ofishin da ya fi kusa da ƙofar gidanka ba lallai shi ke riƙe da unguwarka ba, wani lokaci hanya guda ce ta raba ku. Mai unguwa ya san wannan sarai, shi za ka fara tambaya.

Hadiza: Ni abin da ke ci mini rai kuɗin mota ne. Daga nan zuwa Yamai ya fi kilomita 500, yini guda cur a kar, ga masauki ga abinci, mutum ya tara jikkunanshi da ƙyar ya je a ce takarda guda ta rage. Tsohuwa ce fa wani lokaci, ko mai goyo.

Isuhu: Shi ya sa nike cewa kada kowa ya yanki tike sai ya je babban ofishin ƴan sanda na jiha nan Tawa ya yi tambaya da bakinshi. Ka ce musu ni mazaunin wuri kaza ne, ina ake karɓar dosiyen fasfo na mutanen yankinmu a yanzu, ina ake ɗaukar hoto da zanen yatsa, kuma in ya fito ina zan karɓa? Don wurin ajiye dosiye da wurin ɗaukar yatsa da wurin karɓa ba dole su zama guda ba. Ka roƙi a nuna maka jerin takardun da anka manna a allo ka ɗauke shi hoto da salularka, da kuɗin da anka rubuta, kuma duk abin da ka biya ka karɓi resi.

Mamman: Wasu sai su ce ai mun gani a watsap.

Isuhu: Saƙon watsap ba ya da kwanan wata Mamman. Ka tuna anka sanar cewa daga ranar 29 ga Janairun 2025 za a fara aiki da fasfon AES, anka kuma ce tsohon mai tambarin Sedeyawo yana nan da ƙarhinshi har wa'adinshi ya cika. To saƙon da anka rubuta kafin nan yana ta yawo har yau kamar sabo. Kuma wanda zai tare ka bakin ƙofa ya ce kawo takardunka da kuɗi ka koma gida in kawo maka fasfo, ka tambayi kanka yatsan wa za a ɗauka? Dole ka tsaya da kanka.

Hadiza: Ranar zuwa fa?

Isuhu: Kada ki sauka Yamai daren Alhamis. Juma'a rabin yini ake aiki, in layi bai kai gare ki ba kin kwana uku a banza sai Litinin. Kuma tun a gida ki jera takardun nan uku ki duba sunanki da na mahaihi da ranar haihuwa harahi bayan harahi, don in an rubuta Mahamadou a wata Mohamed a wata, gyaran ma can wurin da anka yi takardar za a maida ki.

Mamman: Ƙanena dai a ƙarshe kawunmu na Madawa ya je meri da lambar, bayan ƴan kwanaki takardar ta iso mishi Yamai cikin ambulan, sannan ya kai dosiyenshi.

Hadiza: Alhamdulillahi. Malam Isuhu, Mamman, mun gode, Allah ya saka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.