Darasin gudun miƙa sanda a wata makaranta a Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a. Ina yi muku magana yau daga Sakkwato, inda na zo hutu daga ƙasar Ingila da nake koyar da wasannin motsa jiki, kuma wani malamin sakandare ya ba ni izinin ɗaukar darasinsa na gudun miƙa sanda. Da sassafe ya fito da ɗalibai, domin wanda ya san ranar garin nan ba ya sa yaro gudu bayan hantsi ya ɗaga.

Ku fara duban filin kafin ku dubi yaran. Malam ya sa an tsince duwatsu da ƙaya, sannan ya ja layuka da toka. Faɗin hanyar kowane mai gudu a filin gasa mita 1.22 ne, to amma shi ya bar hanya guda babu kowa tsakanin kowace ƙungiya da maƙwabciyarta, saboda sabon koyo ba ya gudu a miƙe, musamman idan hankalinsa ya koma kan sanda. A ganina wannan tsari ya fi duk wani gargaɗi da baki amfani, domin karo da taka dunduniya sun fi aukuwa a wurin miƙa sanda.

Da tsayuwa aka fara. Ɗalibai huɗu sun jeru, kowa ya ba na gabansa tazarar da sai an miƙe hannu sosai sanda za ta isa. Na farko ya riƙe ta da dama ya sa a hagun na biyu, na biyu ya sa a daman na uku, na uku ya sa a hagun na huɗu. Dalilin wannan musaya shi ne mai miƙawa yana bin gefe ɗaya na hanya, mai karɓa yana bin ɗaya gefen, don haka hannuwansu suna haɗuwa a tsakiya, ƙafafunsu kuwa ba sa hawa layi ɗaya. Idan kuka ga yaro ya miƙa da dama zuwa dama, to bayan ɗan'uwansa ya nufa kai tsaye, kuma da an ƙara sauri zai taka shi.

Mai karɓa yana miƙa hannu baya, tafinsa na kallon ƙasa, ya ware babban yatsa daga sauran, mai miƙawa ya ɗago sanda daga ƙasa ya cusa ta a tsakani. Wannan salo ya fi sauƙi ga masu koyo, sai dai yana da illa: sandar gasa santimita 28 zuwa 30 ce kawai, kuma idan kowa ya kama sama da hannun na baya, na uku zai tarar babu abin da ya rage da zai miƙa. Shi ya sa Malam yake nanata cewa hannu ya kusanci hannu. Sai da kowace ƙungiya ta yi haka ba tare da sanda ta faɗi ba aka koma tafiya, daga nan sassarfa.

Yanzu ga wurin da na fi so ku lura da shi. A gudun mita 100 sau 4, dole sanda ta canza hannu cikin yanki mai tsawon mita 30, kuma mai karɓa ba a tsaye yake jira ba, yana tashi da gudu ne idan abokinsa ya iso wata alama a ƙasa. Malam ya sa wani yaro mai karɓa ya auna tafin ƙafa 15 daga inda yake tsaye zuwa baya, ya zuba toka. A gwajin farko mai miƙawa ya cim masa nan da nan, har ya rage gudu yana dafa bayansa, alamar cewa tokar ta yi kusa. Aka ƙara tafi 3. A na biyu yaron ya tsere, abokinsa yana miƙo sanda ba ta kai ba. Na ce, "Malam, ko a rage tazarar?" Ya ce a'a, yaron ne ya tashi tun ɗan'uwansa bai taka toka ba, gyaran yana wurin idonsa. Ya yi gaskiya, domin da aka maimaita, yaron ya jira, sai da aka ce masa "hannu" ya miƙa, sanda kuwa ta shiga suna tsakiyar yankin, hannayensu duka a miƙe.

Wanda ya miƙa sanda ba ya kaucewa gefe, yana rage gudu a cikin hanyarsa har sai Malam ya busa usur. Yau dai babu tsere tsakanin ƙungiyoyi. Malam ya ce sai mako mai zuwa, bayan kowane mai karɓa ya san adadin tafinsa kuma ya daina waiwaye.